Burauzar da ta ƙi buɗewa a wani shagon cike fom a Sakkwato: yadda aka ceto bukmak daga furofayil da ya lalace

Shagon da kwamfutarsa

Shagon yana unguwar Mabera a cikin garin Sakkwato. Ana buga takardu, ana kwafe, amma abin da ya fi kawo kuɗi shi ne cike fom a intanet: duba sakamakon jarrabawa, fitar da takardar biyan kuɗin makaranta, rajistar ɗalibai, neman gurbin aiki. Mai shagon dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, kowa Alhaji yake ce masa. Wanda ke zama gaban kwamfuta kuwa ɗan ƙanensa ne, saurayi mai saurin hannu.

Kwamfutar ta tebur ce, tana da Windows 10, burauzar da ake aiki da ita kuma Firefox ce. A cikin shekara huɗu sun tara bukmak kusan ɗari huɗu, wato adireshin shafukan da aka adana a burauza don kada a riƙa buga su da hannu. An tsara su folda-folda: ta JAMB, ta NECO da WAEC, ta jami'o'i da kwalejoji, ta ma'aikatu. Ga mai irin wannan sana'a, bukmak ba ado ba ne. Shafukan bogi masu kwaikwayon na gaskiya sun yi yawa, kuma kowane adireshi da ke cikin jerin nan an riga an gwada shi an tabbatar. Ban da haka akwai kalmomin sirri na shagon da burauzar ke riƙe da su. Ba su taɓa buɗe asusun da ke ajiye kwafin waɗannan abubuwa a intanet ba, don haka komai yana cikin kwamfutar nan guda.

Akwai akwatin batir a ƙarƙashin tebur, wanda ya kamata ya riƙe kwamfuta na wasu mintuna idan an ɗauke wuta. Batirinsa ya mutu tun bara, zafin gari ya gama da shi, ba a sauya ba.

Litinin: wuta ta tafi

A tsakiyar watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke haura maki 40. Da misalin ƙarfe biyu da kwata na rana, yaron yana cike wa wata ɗaliba fom, shafuka wajen goma a buɗe, sai aka ɗauke wuta. Kwamfuta ta mutu nan take. Aka tada janareta, Windows ta tashi lafiya, Word ta buɗe, firinta ta yi aiki. Da ya danna Firefox, sai tagarta ta ɗan hasko ta ɓace, wani ƙaramin akwati mai suna Mozilla Crash Reporter ya bayyana. Ya danna `Restart Firefox`, abin ya maimaita. Ya kashe kwamfuta ya kunna har sau uku, babu canji.

Ranar sun ƙarasa aiki da Edge, burauzar da ke zuwa tare da Windows. Ta yi aikin, sai dai babu bukmak ko ɗaya a cikinta, kuma kalmomin sirri uku ne kawai yaron ya iya tunawa da ka.

Talata: abin da aka gwada a shago

Da safe yaron ya sa manhajar kashe ƙwayar cuta ta bincike kwamfutar kaf. Ta ɗauki fiye da awa ɗaya, ba ta ga komai ba.

Daga nan ya cire Firefox, ya sauko da sabuwa, ya sake ɗorawa. Ta faɗi a daidai inda take faɗuwa. Ya sake yin haka karo na biyu da yamma, ya ƙara asarar data, sakamakon bai sauya ba.

Bayan faɗuwa da yawa a jere, Firefox da kanta ta nuna wani akwati na `Troubleshoot Mode`, mai maɓalli biyu: `Open` da `Refresh Firefox`. Ya danna na farko, ta faɗi. Na biyun kuwa Alhaji ya hana a taɓa, domin ya ji tsoron kada ya shafe komai. Wani maƙwabci mai sayar da kayan waya ya ba da shawarar a yi fomatin kwamfutar gaba ɗaya a huta. Alhaji ya ce a dakata sai an kira mai gyara tukuna.

Laraba da safe: kwafi kafin komai

Ni aka kira. Da na isa Alhaji ya tare ni da cewa, "Malam, wagga na'ura ta ƙiya tun shekaranjiya. Ni ba ta kaina nika ji ba, adireshin da yaron ga ya tara su nika tsoron rasawa."

Na tambayi yaron abin da ya yi dalla-dalla. Da ya ce ya sake ɗora burauzar sau biyu ba ta gyaru ba, sai na samu hasken farko. Firefox kashi biyu ce, kuma kowanne da mazauninsa. Akwai manhajar kanta, wadda ke cikin `Program Files`. Akwai kuma furofayil, wata folda ce daban inda take ajiye duk abin da ya shafi mai amfani da ita: bukmak, tarihin shafuka, kalmomin sirri, saituna, da ƙananan manhajojin da aka ƙara mata. Idan aka cire Firefox, kashi na farko kaɗai ke tafiya. Furofayil yana nan inda yake, sabuwar da aka ɗora kuma tana tashi sai ta nufi tsohon furofayil ɗin ta buɗe shi. Kamar a ce gari ne ya yi tsakuwa, aka sauya tukunya aka sake tuƙa tuwo da shi.

Ban gwada komai ba sai da na yi kwafi. Na duba `Task Manager` na tabbatar babu wata Firefox da ta maƙale tana aiki a ɓoye, sannan na danna maɓallin Windows tare da R, na buga wannan:

```
%APPDATA%\Mozilla\Firefox\Profiles
```

Folda biyu suka bayyana, kowacce sunanta ya fara da haruffa takwas barkatai. Ɗaya ta ƙare da `.default`, ɗaya da `.default-release`. Wannan yana rikita mutane. Tun daga Firefox 67, wadda ta fito a 2019, sabuwar ɗorawa takan yi wa kanta furofayil mai ƙarewa da `.default-release`, ɗayar kuwa sau da yawa fanko ce. Kada a dogara da suna kawai, a duba girma da kwanan wata. A nan ta farkon kusan babu komai a ciki, ta biyun kuwa ta kai megabayit 640. Ita na kwafe ɗungurungum zuwa filas, na kuma ajiye wani kwafin a `Documents`. Filas ɗin na Alhaji ne, ba nawa ba, kuma da gangan na yi haka: foldar tana ɗauke da kalmomin sirrin shago, bai kamata ta bar shagon a aljihun mai gyara ba.

Da na jera fayilolin bisa `Date modified`, sai na ga guda da dama suna ɗauke da ƙarfe 2:14 na ranar Litinin. Lokacin da wuta ta tafi ke nan. Burauza tana rubutu cikin furofayil kusan kowane lokaci, ko da mutum karatu kawai yake yi. Idan wuta ta yanke a tsakiyar rubutun, fayil na iya tsayawa rabi sabo rabi tsoho, kuma idan ta tashi ta zo karanta shi sai ta ci tuntuɓe.

Laraba kafin azahar: gwajin da ya raba gardama

Zato bai isa ba, sai an gwada. Na riƙe `Shift` na danna Firefox don in ga `Troubleshoot Mode` da idona. Wannan yanayin yana kashe manhajojin da aka ƙara, yana kuma hana burauza dogara da katin hoto na kwamfuta, amma har yanzu da tsohon furofayil yake tashi. Da a ce ta buɗe a nan, da laifin yana kan ɗaya daga waɗannan biyun. Ba ta buɗe ba.

Sai na sake danna Windows da R, na buga:

```
firefox.exe -P
```

Wannan yana buɗe ƙaramin akwatin zaɓen furofayil ba tare da loda kowanne ba, shi ya sa yake aiki ko da burauza na faɗuwa. Na danna `Create Profile`, na sa masa suna Sabo, na bar shi ya zaɓi mazauninsa da kansa. Akwai maɓallin `Choose Folder` a wurin, ban taɓa shi ba, kuma ina gargaɗin kowa a kansa: idan mutum ya nuna wa furofayil wata folda mai takardunsa, ranar da ya zo goge furofayil ɗin ya zaɓi `Delete Files`, har takardun za su tafi.

Na zaɓi Sabo, na danna `Start Firefox`. Ta buɗe cikin 'yan daƙiƙu. Na shiga shafuka biyar, na rufe, na sake buɗewa sau uku, ba ta faɗi ba.

Manhaja ɗaya ce, kwamfuta ɗaya, Windows ɗaya, intanet ɗaya. Furofayil kaɗai aka sauya. Na nuna wa Alhaji allon na ce masa ciwon yana cikin tsohuwar folda, babu buƙatar fomati. Ya ce, "To, Alhamdu lillahi. Amma ina adireshin?" Na ce suna nan, bayan sallah za mu ɗebo su.

Laraba da yamma: koma-baya sau biyu

Wani aiki ya riƙe ni a Runjin Sambo, ban dawo ba sai bayan la'asar. Kafin nan mutane sun taru a shago, yaron kuma ya ga inda na ajiye kwafin. Ya kwashe duk abin da ke cikin tsohuwar folda ya zuba cikin ta Sabo, Windows ta tambaye shi ko ta maye gurbin fayiloli, ya amsa da e. Firefox ta koma faɗuwa kamar ranar Litinin.

Ya tare ni jiki a sanyaye: "Yallaɓai, na ɓata aikin." Na ce masa babu abin da ya ɓace, tunda kwafin biyu suna nan yadda suke. Hasali ma ya ƙara tabbatar mana da abin da muka gano, domin ciwon ya bi fayilolin ya shiga sabon gida. Na koma akwatin zaɓen furofayil na ƙirƙiri wani, Sabo2.

Yanzu sai ɗauko abu ɗaya-ɗaya. Na buɗe Sabo2, na buga `about:support` a wurin adireshi, na danna `Open Folder` da ke gaban `Profile Folder`, don in tabbata foldar da zan zuba wa kaya ita ce daidai. Sannan na rufe Firefox. Ba a sauya fayil a furofayil alhali burauza na buɗe.

Fayil ɗin da ke riƙe da bukmak da tarihin shafuka tare shi ne `places.sqlite`. Idan lafiyarsa ƙalau, kwafe shi kaɗai ya isa ya dawo da duka biyun, shi ya sa na fara da shi. Na zuba shi, na buɗe burauza. Ba ta faɗi ba, amma jerin bukmak fayau yake. Na leƙa foldar, sai ga sabon fayil mai suna `places.sqlite.corrupt`. Ma'anarsa Firefox ta karanta fayil ɗin da na kawo, ta ga ya lalace, ta ture shi gefe ta sa masa wannan suna, ta yi sabo. A irin wannan hali takan cike sabon daga ajiyar bukmak da ke cikin furofayil ɗin, to amma Sabo2 an haife shi ne minti goma da suka wuce, ba shi da ajiyar shagon ko ɗaya.

A nan ne mutane da yawa ke sallamawa su ce bukmak sun tafi. Yaron ma ya dafe kai.

Laraba bayan magariba: ajiyar da ba su san da ita ba

A cikin kowane furofayil na Firefox akwai folda mai suna `bookmarkbackups`. Burauzar tana ajiye kwafin bukmak a nan da kanta, ba fiye da sau ɗaya a rana ba, a lokacin da aka bar ta a buɗe na wasu mintuna ba a taɓa kwamfutar ba. Takan riƙe guda 15 na baya-bayan nan, tana goge mafi tsufa. Sunan kowane fayil yana faɗin ranarsa da adadin abin da ke ciki, da wannan siga:

```
bookmarks-YYYY-MM-DD_386_xxxxxxxx.jsonlz4
```

A tsohuwar foldar shagon mun tarar da 15 cif. Mafi sabo na ranar Juma'ar da ta wuce ne, mai lamba 386. Babu na Asabar, babu na safiyar Litinin, kuma dalilin a fili yake: kwanakin nan shagon a cike yake, hannu bai bar linzami ba, da an tashi kuma sai a kashe. Ranar Juma'a kuwa an tafi masallaci an bar ta a kunne. Na duba lambobin sauran fayilolin, 384, 381, 379, suna hawa a hankali. Wannan duban yana da amfani, domin da na ƙarshen ya faɗo daga ɗari uku zuwa goma sha wani abu, da alama ce an yi ajiyar bayan ɓarna ta auku, sai a koma na bayansa.

Waɗannan fayiloli a matse suke, ba a karanta su da `Notepad`, kuma ba sa buɗuwa da danna su sau biyu. Daga cikin Firefox ake dawo da su. Na danna `Ctrl+Shift+O`, tagar `Library` ta fito, na bi `Import and Backup`, sannan `Restore`, sannan `Choose File`, na nuna fayil ɗin Juma'a da ke cikin kwafin `Documents`. Ta yi gargaɗi cewa za ta maye gurbin duk bukmak da ke nan yanzu. A furofayil fanko wannan ba komai ba ne, amma wanda ya riga ya yi kwanaki yana tara sababbi a sabon furofayil, ya sani `Restore` shafewa take yi ta ɗora, ba ta haɗawa. Na amince.

Foldojin suka dawo yadda yaron ya jera su, ta JAMB a sama. Ƙananan tambarin shafuka ne kawai ba su fito ba, kuma waɗannan suna dawowa da kansu idan an ziyarci kowane shafi.

Saura kalmomin sirri. Suna cikin fayil biyu da ba sa rabuwa: `logins.json` yana riƙe da su a kulle, `key4.db` kuma shi ne makullin. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya zai ga wayam. Na rufe burauza, na kwafe su tare, na buɗe, na buga `about:logins`. Guda 41 suka bayyana. Muka gwada uku a shafukansu, duka suka shiga.

Sauran abubuwan na bar su da gangan. `prefs.js` na saituna, foldar `extensions`, foldar `storage` inda shafuka ke ajiye bayanansu, da fayilolin tuna shafukan da aka bari a buɗe, duk ana iya sake gina su cikin minti kaɗan, kuma daga cikinsu ne ciwon zai iya sake biyo mu. Manhajojin ƙari biyu da suke amfani da su muka sake ɗora su sababbi. A ƙarshe na koma akwatin zaɓen furofayil, na zaɓi Sabo2, na sa alama a `Use the selected profile without asking at startup`.

Alhamis zuwa mako uku bayan nan

Washegari na dawo na buɗe `Command Prompt` da ikon mai gudanarwa don duba faifan kwamfutar:

```
chkdsk C: /scan
```

Bai nuna matsala ba. Na yi wannan ne saboda faifan da ya fara mutuwa ma yakan lalata furofayil, kuma idan shi ne, sabon furofayil ba zai daɗe ba.

Yaron ya zauna ya tuno bukmak huɗu da ya ƙara tsakanin Asabar da Litinin, ya sake nemo uku. Tarihin shafuka na shekara huɗu ya tafi tare da `places.sqlite`, domin ajiyar bukmak ba ta ɗauke da tarihi. Shafukan da a da suke buɗewa kai tsaye sun nemi a sake shiga da kalmar sirri, sau ɗaya kowanne.

Na nuna masa `Export Bookmarks to HTML`, a ƙarƙashin `Import and Backup` ɗin nan, wanda ke fitar da fayil guda da kowace burauza ke iya karantawa. Muka fitar, muka shigar da shi cikin Edge, muka ajiye kwafi a filas. Alhaji ya sayi sabon batir ranar Asabar. Na ce a bar tsohon furofayil wata guda kafin a goge. Bayan mako uku na biya ta shagon: an ɗauke wuta sau da dama, batirin yana riƙewa har a rufe burauza a kashe kwamfuta yadda ya kamata, Firefox ba ta sake faɗuwa ba.

Hukunci

Yankewar wuta a tsakiyar rubutu ce ta lalata furofayil, kuma ba fayil ɗaya ta taɓa ba. Shaidar ita ce `places.sqlite` ya lalace amma shi kaɗai bai kayar da burauza ba, alhali da aka kwaso foldar gaba ɗaya ta faɗi. Ke nan akwai wata ɓarnar a cikin abubuwan da muka bari a baya. Tushen abin kuwa batirin da aka yi shekara ba a sauya ba.

Binciken ƙwayar cuta da sake ɗora manhaja ba su da laifi a matsayin gwaji, sai dai karo na biyu asara ce, domin karo na farko ya riga ya ba da amsa: manhajar ba ta da ciwo. Fomati kuwa da ya gyara faɗuwar, ya kuma tafi da bukmak 386 da kalmomin sirri 41 a lokaci guda. Dakatarwar da Alhaji ya yi ranar Talata ita ce shawara mafi amfani a cikin labarin nan.

Game da `Refresh Firefox`, tsoronsa ya wuce kima. Maɓallin yana yin kusan abin da na yi da hannu: yana gina sabon furofayil, ya kwaso bukmak da ajiyarsu da kalmomin sirri, ya zubar da saituna da manhajojin ƙari, ya ajiye tsohon furofayil a fuskar kwamfuta cikin folda mai suna `Old Firefox Data`. Mai yiwuwa ne da ya rage musu kwana guda na wahala. Duk da haka na fi son bin hanyar hannu idan kayan na sana'a ne, saboda ina ganin kowane fayil da na ɗauka, idan kuma ciwo ya dawo na san wanda ya kawo shi. Ko wacce aka bi, sai an kwafe foldar tukuna. Kuskuren yaron na Laraba da yamma ya ci mana minti ashirin ne kawai saboda kwafin da aka yi da safe.

Abu guda ya rage da ban ji daɗinsa ba. A cikin kalmomin sirri 41 ɗin nan, 17 na ɗalibai ne da aka cike wa fom, burauza ta tambaya ko a adana aka danna e ba da tunani ba. Duk wanda ya samu fayilolin nan biyu zai iya buɗe su a wata kwamfuta kamar yadda na buɗe su a sabon furofayil. Na faɗa wa Alhaji, ya sa yaron ya goge na ɗaliban a gabansa, sannan aka sa `Primary Password`, wato babbar kalmar sirri da ke kulle sauran, a kan waɗanda suka rage.